Inda layin ya zame

"Bidiyona na YouTube suna rasa masu kallo a tsakiya, me zan duba?"

Bari in ba ka labarin wata budurwa mai tace bidiyon girki. Ta buɗe YouTube Studio, ta jera jadawalin riƙe masu kallo na bidiyo 6. Kowanne layinsa na zamewa a daƙiƙa daban, shi ya sa ta daɗe ba ta gane ba. Rannan ta daina duban lokacin, ta koma kallon abin da ke allo a wurin zamewar. Ashe duk inda hannu ya bar tukunya, fuska ta fito tana bayani, nan masu kallo ke barin bidiyon. Sai ta ɗora muryar kan hoton albasa tana soyuwa. A bidiyo na gaba, ramin da ke jikin layin ya cike.