Na motsa hoton mahaifina, amma fuskar ta sauya

Tambaya: Malam, ina da hoton marigayi Baba bisa doki ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Na sa shi a Kling, manhajar da ke mayar da hoto bidiyo, don ya motsa, sai fuskarsa ta koma ta wani, dokin kuma ya yi ƙafa biyar. Ina na yi kuskure?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ka nemi dokin ya yi tafiya ko Baba ya waiwayo, kuma daga nan matsalar ta taso.

Bidiyo hotuna ne a jere. In ana nuna 24 a kowace daƙiƙa, bidiyon daƙiƙa 5 hotuna 120 ke nan. Kai guda ka bayar, sauran 119 manhajar ce ta kintata daga bidiyoyin da aka horar da ita da su. Ba ta san Baba ba. Ɓangaren fuskar da amawali ya rufe, da ƙafar dokin da ke bayan ƴar'uwarta, ba ta taɓa ganinsu ba. Da zarar motsi ya buƙaci su bayyana sai ta ƙago su. A hoton hawa kuwa fuska ƴar mitsitsiya ce tsakanin rawani da taron jama'a, don haka abin da za ta riƙe kaɗan ne.

Ka sake ɗaukar hoton a inuwa, ba da fitilar waya ba, wayar tana daidai saman takardar don kada ya karkace. Ka yanke shi daga ƙirjin dokin zuwa saman rawani, ƙafafun dokin su fita daga hoton gaba ɗaya, fuskar ta ƙara samun wuri. Ka zaɓi daƙiƙa 5, ba 10 ba, domin kamanni na ƙara zamewa yadda lokaci ke tafiya. Umarnin da za ka rubuta wa manhajar kuma, wanda ya fi aiki da Ingilishi a kan Hausa, ya tsaya kan motsi kawai:

```
static camera, light wind moves the turban cloth, man stays still and blinks once
```

Wato kamara a tsaye, iska na kaɗa rawani, mutumin ya ƙifta ido sau ɗaya. Ka gwada sau uku ko huɗu, don kowane gwaji daban yake fitowa.

In bidiyon ya fito, ka tsayar da shi a ƙarshe ka ajiye kusa da hoton asali. Dubi tazarar idanu, da yatsun da ke riƙe da linzami, da aikin wuyan babbar riga. Aska takwas kan narke ta zama wani zane tun kafin fuska ta lalace. Ni ba na yarda a sa mamaci murmushi, domin haƙoran da za su fito ba nasa ba ne.

Kafin ka nuna wa Inna, ka gaya mata cewa daga hoton nan aka haɗa shi, kada ta ɗauka wani bidiyonsa ne aka gano.