Giga biyar a dare ɗaya

Oga barka da safiya. Jiya da yamma na sa data giga 5 don in ɗora hotuna da bidiyon aikin da ka tura ni a Google Photos, na bar wayar a caji na kwanta, da safe na tashi data ta ƙare ƙaf kuma har yanzu wasu bidiyon suna ta juyawa ba su hau ba. Kamfanin layin ne ya cinye min ko ni ne na yi wani kuskure? Nan gaba ya zan yi?

Yawwa, barka kadai. Ba wanda ya cinye maka komai yaro, tun lokacin da ka danna kyamara ka kashe datar nan, daren jiya biyan bashi kawai ka yi. Na duba abin da ya riga ya hau a akawun ɗin aikin, bidiyonka duk 4K ne, wajen minti 12 in aka haɗa da waɗanda suka maƙale, hotuna kuma sun kai 200. To zauna mu yi lissafi.

Farko dai ka cire tunanin nan na cewa saukewa ce kaɗai ke cin data, yara da yawa haka suke zato. Mega ɗaya da ta fita daga wayarka daidai take da mega ɗaya da ta shigo, duka a bandir ɗinka ake cirewa. Wato nauyin fayil shi ne abin da za ka biya, har da ɗan ƙari kaɗan na hanya. Shi kuma nauyin bidiyo ba sai ka yi canki-canka ba, in ka ari iPhone ka shiga Settings, Camera, Record Video, a ƙasa an rubuta abin da minti ɗaya ke ci: 1080p mai firem 30 a sakan kamar mega 60 in an matse shi da HEVC, kamar mega 130 in tsohon tsarin H.264 ne, 4K mai firem 30 kuma mega 170 da HEVC, mega 350 da H.264. Wayoyin Android ba sa nisa da haka sosai, kowacce dai da nata. Kai a 4K ka ɗauka da tsohon tsari, minti 12 sau 350 ya ba ka mega 4200. Hotuna 200 kowanne kamar mega 4, mega 800 ke nan. Haɗa ka gani, giga 5 cif, ba ta ma isa ba shi ya sa na ƙarshen suke ta juyi.

In wayarka ba ta nuna maka wannan jerin ba ga dabarar da nake amfani da ita, ka buɗe bayanin bidiyon ka ga girmansa ka raba da mintocinsa, shi ke nan ka san abin da kyamararka ke ci a minti. Ko kuma in ka ga an rubuta Mbps, wato megabit a sakan, ka ninka lambar da 7.5, abin da ya fito shi ne mega a minti ɗaya, dalili kuwa bit 8 ke yin bayit ɗaya kuma sakan 60 ne a minti. Bidiyo mai 8 Mbps mega 60 a minti. Ka riƙe wannan, kafin ka danna komai ka san ko bandir ɗin zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba.

Yanzu ka tambayi kanka, wa zai kalli 4K ɗin nan? Mai aikin a waya zai kalla, ya tura wa mutanensa su ma a waya, kuma manhajar da zai tura da ita za ta sake matse shi ta mai da shi ƙarami. Ka sayi doki ne don zuwa bakin ƙofa. Ni ba na hana 4K, in aiki ne da za a yanka a zuƙo ko za a haska a babban allo to a ɗauka, amma irin wannan ba a ɗora shi da datar waya, a kati ko a had dis yake zama sai an samu waifai na gaske. Aikin yau da kullum ka sa kyamara a 1080p firem 30, ka kunna HEVC, a wasu wayoyin High efficiency video aka rubuta. Abu ɗaya da zan gargaɗe ka, tsofaffin kwamfutoci da wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗe HEVC ko su buɗe yana ƙiƙƙirewa, don haka ka fara tura wa mai aiki gajere ɗaya ya gwada kafin ka yi duka. Hotuna ma ka kashe yanayin nan na 50MP ko 108MP sai da dalili, ka kashe Motion photo ko Live Photos, don kowane hoto ɗan guntun bidiyo yake goye da shi a baya ba ka sani ba.

To wanda ka riga ka ɗauka fa? Tankaɗe za ka fara yi kafin matsi. A cikin hotuna 200 ɗin nan na ga wuri ɗaya ka danna sau takwas, wani ido a rufe wani ya girgiza, in ka zauna ka zaɓa da kyar 60 za su tsira. Bidiyon ma akwai inda kyamara ke kallon ƙasa kana tafiya kusan minti biyu, wallahi na yi dariya, ka biya mega 700 don mu ga takalminka. Yanke shi a wayar, mu ce minti 7 suka rage. Sai ka kawo kan kwamfuta da kebul, kebul ba ya cin data, ka matse da manhajar HandBrake, kyauta ce, ko in kana son hanyar da nake bi, kwamand ɗin manhajar ffmpeg ne, ga shi:

```
ffmpeg -i aiki.mp4 -vf scale=-2:1080 -c:v libx265 -b:v 8M -c:a copy aiki_karami.mp4
```

Wannan na bidiyon kwance ne, in a tsaye ka ɗauka sai ka juya lambobin su zama scale=1080:-2 in ba haka ba zai fito siriri. 8M ɗin nan shi ne 8 Mbps da na faɗa maka, minti 7 sau 60 mega 420, da ɗan abin da sauti zai ƙara. Hotuna 60 sau 4 mega 240. Duka aikin bai kai mega 700 ba, da giga 5 ɗinka ta yi maka irinsa sau bakwai. Asalin fayil ɗin kuma kar ka goge, matsi ba ya komawa baya, abin da ya zube ya zube. Kuma kar ka ɓata lokaci da zif, na ga yara suna yi, JPEG da MP4 a matse suke tun asali, in ka zifa giga ɗaya kusan giga ɗayan za ka samu.

Sai setin ɗin manhajar, nan ne ɓarawon dare yake. A Google Photos ka taɓa hotonka na sama, Photos settings, Backup, Mobile data usage. Na tabbata a Unlimited naka yake. Akwai No data, akwai 5 MB, 10 MB, 30 MB a rana, ka sa No data kawai, kuma maɓallin ɗora bidiyo da data ka tabbata a kashe yake. In kana son ɗora wani abu sai ka zaɓe shi da hannunka ka danna Back up now, wanda ka zaɓa shi kaɗai zai tafi. Ka leƙa Back up device folders ma, in foldar WhatsApp da ta Screenshots a kunne suke to duk shirmen da aka turo a gurup kana biya sau biyu, ka biya ka sauke ka biya ka ɗora. Shi kansa WhatsApp yana da nasa bakof daban, a Chat backup ka kashe Include videos. Wannan Storage saver da za ka gani kuma, eh yana mai da hoto 16MP bidiyo 1080p, amma sunansa ya gaya maka aikinsa, wurin ajiya yake tattalawa, wato giga 15 ɗin nan na kyauta da Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Ni ba na jingina lissafin datata a kansa, abin da na matse da hannuna kafin ya bar na'ura shi na san nauyinsa.

Akwai tarko ɗaya da ya taɓa kama ni ni ma, kuma da furfurata. Na sa komai a waifai kaɗai, hankali kwance, sai ranar nan na jona wayar da maifai ɗina don in tura saƙo ɗaya. Ita waya ina ruwanta da cewa sim ne a cikin akwatin, ta ga alamar waifai ta ce lokaci ya yi, bidiyon sati guda da ke jira a layi duk suka kama hanya, kafin in ankara saƙon ƙarewar data ya shigo. Maganinsa, a Android ka shiga bayanin wannan waifai ɗin ka sa Treat as metered, a iPhone ka kunna Low Data Mode, a Windows kuma Metered connection, laftof ɗin ma haka take yi da OneDrive da sabuntawa. Duk da haka ni dai in zan hau maifai ko hotsifot da aiki a waya Backup ɗin nake kashewa gaba ɗaya, ya fi min sauƙi da in zauna ina tunanin wace manhaja ce ke jin magana wacce ba ta ji.

Batun sabis mai ɗaukewa, kar ka ɗora babban fayil ta burawza, in shafin ya rufe ko ya sabunta kansa yawanci daga sifili za ka sake, datar farko kuma ta tafi. Yi amfani da manhajar kanta, kuma ka raba bidiyo gunduwa-gunduwa minti biyu ko uku, in ɗaya ya faɗi asarar mega 150 ce ba giga ba. Yadda za ka gane ana maimaitawa, kafin ka fara ka duba App data usage ka rubuta lambar da ke gaban manhajar, in ka gama ka sake dubawa. Fayil mega 400 amma ta ci 900, ka san ya faɗi ya sake tashi, canja wuri ko ka jira lokacin da sabis ya fi ƙarfi. In kamfanin layinka yana da bandir ɗin dare to da shi ake irin wannan aikin, amma ka sa agogo, lokacin na cika zai koma kan babbar datarka ba sallama.

Waɗanda suka maƙale ɗin nan kar ka sake sa data saboda su, kashe Backup yanzun nan tun kafin ka sayi wata, don tana shiga za su ci gaba daga inda suka tsaya. Kar kuma ka taɓa Free up space yau, yana goge abin da ya riga ya hau daga wayar, ni kuma asalin nake so a wayar. Ka taho da ita da kebul ɗinka gobe da safe mu matse tare, kai za ka buga kwamand ɗin ni ina kallo.