WAEC ɗina zai ishe ni, ko sai na rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS kafin in tafi Birtaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a wata jami'ar tarayya a 2019, ina da C5 a Turanci a WAEC ta 2014, kuma ina neman gurbin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma a Birtaniya. Wani ya ce takarda daga jami'ata cewa da Turanci aka koyar da ni ta wadatar. Wani ejan kuma ya ce in ba shi naira dubu ɗari huɗu ya samo mini satifiket ɗin IELTS mai maki 7.0 ba tare da na zauna jarrabawa ba, wai za a shigar da sunana cikin kwamfutarsu. Lokaci na ƙurewa, hankalina ya tashi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, akwai yiwuwar ba ka ma buƙatar jarrabawar. Amma kada ka tura wa ejan nan ko sisi, kuma idan ka riga ka ba shi hoton fasfonka, daga yau ka daina amsa masa waya.

Hukumomi biyu ne ke da ta cewa a kan Turancinka: jami'ar da za ta ɗauke ka, da hukumar biza ta Birtaniya, wato UKVI. Ita UKVI tana da jerin ƙasashen da ta yafe wa 'yan asalinsu gwaji, irin su Amurka, Kanada, Ostareliya, Malta, Jamaika da Barbados. Babu Najeriya a ciki, babu Gana, babu ko ƙasa ɗaya ta Afirka. Ni ma abin na ba ni haushi, a ce wanda ya yi karatu da Turanci tun daga firamare har jami'a sai ya biya kuɗi ya nuna yana jin harshen, amma haushi ba ya canza doka. Duk wanda ya ce maka fasfon Najeriya kaɗai ya fitar da kai, bai karanta jerin ba.

Inda sauƙin yake shi ne nan. Ga mai zuwa karatun digiri ko sama da haka, dokar bizar ɗalibai tana neman Turanci a matakin B2 na ma'aunin iya harshe, amma ta bar wa jami'o'in da ta amince da su damar su auna ɗalibin da kansu. Idan jami'a ta gamsu, sai ta rubuta a cikin takardar CAS, wato shaidar ba ka gurbi da ake neman biza da ita, yadda ta auna ka, shi ke nan ba sai ka kai wa hukumar biza wani satifiket daban ba. Ta wannan kafar ce jami'o'in Birtaniya da dama ke karɓar C6 ko sama da haka a Turancin WAEC a madadin IELTS. C5 ɗinka ya haye wannan.

Sai dai kowace jami'a da nata sharaɗin, har ma kowane sashe. Wata za ta karɓi WAEC komai tsufanta. Wata za ta ce sai wadda ba ta wuce wasu shekaru ba, kuma a nan ne taka ta 2014 za ta iya faɗuwa. Wata tana karɓar WAEC amma ba ta karɓar NECO. Wata ba ruwanta da duka biyun. Da yawa za su nemi lambar katin duba sakamako domin su shiga shafin WAEC su gani da idonsu, don haka ka sayi sabon kati ka ajiye. Ita kuwa takardar da ofishin magatakardan jami'arku zai rubuta cewa da Turanci aka koyar da kai, ka karɓo ta, tana da amfani, amma ka sani roƙo ce kawai: wasu jami'o'in suna karɓarta, wasu kuma ko kallonta ba sa yi. Abin yi shi ne ka buɗe shafin jami'ar, ka nemi sashen da aka keɓe wa Najeriya, sannan ka duba shafin kwas ɗin kansa. Idan sun saɓa, ka aika imel ga ofishin ɗaukar ɗalibai, ka faɗi sunan kwas, makinka da shekarar da ka zauna, ka ce su amsa maka a rubuce. Maganar baki daga wakili a wajen baje kolin jami'o'i ba hujja ba ce.

Akwai tarko guda da ya kamata ka lura da shi. Idan jami'a ta ce Turancinka bai kai ba, ta tura ka kwas ɗin koyon Turanci na share fage da CAS ɗinsa daban, ko wani kwas da bai kai matakin digiri ba, to damar nan ta auna ka da kanta ta kau. A nan dole sai gwajin da hukumar biza ta amince da shi, kamar IELTS for UKVI ko PTE Academic UKVI. Tambayoyin IELTS for UKVI ɗaya suke da na IELTS Academic, amma rajistarsu daban ce, kuma wanda ya yi kuskuren rajista sai ya sake biya. Jarrabawar Duolingo ma, duk da araharta da yadda wasu jami'o'i ke karɓarta, ba ta cikin wannan rukuni.

Yanzu ga maganar ejan, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo mini irinta. Wai akwai wani "na ciki" da zai shigar da suna. In dai mutum ya yi digiri, ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan yadda ake tantance sakamakon. Ranar jarrabawa ana ɗaukar hotonka a wurin, ana duba fasfonka, kuma gwajin magana da mai jarrabawa kake yin sa ana naɗar muryarka. Kowace takardar sakamako tana da lambarta. Jami'a ba ta dogara da takardar da ka ɗora a fom ba. Ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai yana da nasa izinin shiga shafin tantancewa na IELTS, ya sa lambar, hotonka da makinka su fito. Idan ba su fito ba, zance ya ƙare.

Abin da 'yan damfarar ke yi ba wani abin mamaki ba ne. Su buga maka takarda mai kyau da tambari, su ba ka adireshin wani shafi da su suka ƙirƙira, ka sa lamba ka ga sunanka ka yi hamdala. Wasu ma ba sa wahalar da kansu har haka: su karɓi rabin kuɗi, su ce na ciki ya ƙara farashi, su sake karɓa, sannan layi ya mutu. Kuma ga fasfonka a hannunsu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda suke ɗaure ƙaryar da rantsuwa, su turo hotunan wasu da suka ce sun tsallake ta hannunsu. Wa ya ga takardun waɗannan mutanen? Wa ya san ko ta WAEC suka samu gurbi, aka karɓi kuɗinsu a banza?

A ce ma takardar ta kuɓuce wa idon wani ma'aikaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'o'i da yawa suna yi wa ɗalibi tambayoyi ta bidiyo kafin su ba da CAS, hukumar biza ma tana iya kiran ka ganawa. Mai riƙe da 7.0 da ya kasa bayanin kwas ɗinsa cikin jimla uku ya tona wa kansa asiri. Hukuncin kuma ba ƙin biza kawai ba ne. Takardar jabu tana iya sa a ƙi ka ko da ka ce ejan ne ya cika maka fom. Idan aka tabbatar ka yi yaudara, haramcin shiga Birtaniya na shekara 10 ne. Fom ɗin bizar Kanada da na Ostareliya suna tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza, don haka tabon zai bi ka can ma. Idan kuwa bayan ka isa aka gano, jami'a ta kore ka, biza ta mutu, kuɗin makarantar da aka sayar da fili aka biya sun tafi.

Kada ka ɗauka da wasa suke. A 2014 shirin Panorama na BBC ya fallasa maguɗi a cibiyoyin gwajin Turanci na TOEIC a Landan, inda wasu ke zauna wa wasu jarrabawa. Gwamnati ta cire kamfanin ETS mai shirya gwajin daga jerin waɗanda ta amince da su, ta soke bizar mutum sama da 30,000. Cikinsu akwai waɗanda suka rantse da kansu suka rubuta, suka shafe shekaru suna zarya a kotu don wanke sunansu. Hukumar da ta haɗa har da mai gaskiya a irin wannan shara, me kake zaton za ta yi wa mai takardar da aka buga a shagon kwamfuta? Ban da haka, wanda ya je da takardar ƙarya yana ɓata wa na bayansa hanya, domin jami'ar da ta kama jabu daga wata ƙasa sai ta tsananta wa duk mai zuwa daga can.

Idan jami'ar da kake so ta dage sai gwaji, ka zauna ka rubuta, bai kai yadda ake tsorata ku ba. Kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa 6.5 suke nema a jimlace, da sharaɗin kada kowane ɓangare ya gaza 6.0. Sharaɗin na biyu shi ke kayar da mutane. Ɗauki wanda ya samu 7.5 a sauraro, 7.0 a karatu, 6.5 a magana, 5.5 a rubutu. Matsakaicin makinsa bayan an daidaita shi 6.5 ne, amma bai cika sharaɗi ba saboda rubutun. Kuma a rubutun ne na fi ganin ɗalibanmu suna tuntuɓe: awa ɗaya ce, aiki biyu, na farko kalma 150 aƙalla, na biyu 250, kuma na biyun ya ninka na farko a maki. Mutum ya ɓata rabin lokacinsa kan bayanin jadawali, ya zo muƙala yana gaggawa. Ka ba na farko minti 20, na biyu minti 40, ka riƙa gwadawa da agogo a gabanka kafin ranar. Wanda ya rubuta ta kwamfuta kuma ya gaza a ɓangare ɗaya yana iya sake wannan ɓangaren kaɗai cikin kwana 60, in dai jami'arsa tana karɓar haka.

Ka yi rajistar IELTS Academic, ba General Training ba, kuma kai tsaye ta shafin British Council ko na IDP. Sakamakon shekara 2 yake aiki, saboda haka ka lissafa ya kai ranar fara kwas. Idan kuma kana da niyyar yin rajistar aikin jinya ko likitanci a can daga baya, yafewar jami'a ba ta shafi wannan ba, hukumomin sana'ar suna da nasu makin da ya fi na jami'a tsauri. Amma wannan na gaba ne. A makon nan ka fitar da jami'o'i uku da suka rubuta a shafinsu cewa suna karɓar C6, ka tambaye su batun shekarar 2014, ka jira amsarsu kafin ka biya kuɗin kowace jarrabawa.