Hamsin da ɗari na mene ne, ƙafa ko mita?

*Malam, ina karɓar ƙananan kwangilolin katanga a Zariya. Ƙanena ke yi min lissafi, amma sau biyu bulo yana yi mana yawa, ribar ta tafi. Ko in ci bashi in buɗe wajen buga bulo nawa?*

Alhaji, ka ajiye maganar bashi tukuna. Ko injin buga bulo goma ka mallaka, lissafin da ya karkace zai ci kuɗinka. Matsalarka ita ce kana biyan kuɗi a kan lambar da ba ka tambayi ma'auninta ba, don kawai ɗan'uwanka ne ya rubuta.

Na san wani yaron magini, mai ƙoƙari ƙwarai, da maigidansa ya miƙa wa takarda an rubuta 50 x 100, ya ce a yi odar bulo mai inci tara na zagaye fili, layi goma. Yaron a makarantar koyon sana'a da mita aka koya masa. Ya haɗa gefe huɗu ya samu 300, ya raba da tsawon bulo, wato mita 0.45, ya samu kusan 667 a kowane layi. Ya buga waya ya ce a kawo 6,700.

Alhali fuloti hamsin da ɗari a wajenmu ƙafa ake nufi. Tsawon bulo ɗaya inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi ke nan. Ƙafa 300 bulo 200 ne a layi, layi goma 2,000, har ma ya ɗan ragu saboda kaurin siminti tsakanin bulo da kuma wajen ƙofa. Ya yi odar ninki uku da ɗoriya, domin mita ɗaya ta fi ƙafa uku.

Kafin maigidan ya iso an sauke kusan 3,500, bulo ya cika filin har babu inda za a haƙa tushe. Mai bulo ya yarda ya karɓi ragowar, amma da ragi, kuɗin mota da na masu lodi a wuyan magini, kuma duk wanda ya fashe wajen ɗagawa an cire shi. Yaron nan ya tsaya da tef a hannu yana juya shi, gefe ɗaya inci, ɗayan santimita, bai ce uffan ba. Tun daga ranar, kowace lamba aka ba shi sai ya ce, "Oga, ƙafa ko mita?"

Kai ma ka tilasta wa ƙanenka haka. Kada ka biya kobo sai takardar ta nuna ma'auni kusa da kowace lamba, da girman bulo, inci shida ko tara. Sannan ku je filin tare, ku jera bulo goma a ƙasa: ƙafa 15 za su ci. Ka ƙara biyar bisa ɗari saboda fashewa, kuma a fara kawo rabi, sauran sai gini ya kai layi huɗu.