Kamfanin waje da ba shi da ofis a nan, ta ina haraji zai kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni akawu ne a wata masana'antar casar shinkafa a Kano. Za mu sayi inji a wurin wani kamfanin Birtaniya, injiniyoyinsu ne za su zo su harhaɗa mana shi. Sun ce ba su da rajista a Najeriya, ba su da ofis, don haka babu ruwansu da harajin riba a nan. Hakan ne kuwa?

Wa alaikumus salam, Malam. Na shafe shekaru ina aikin haraji wa kamfanoni, kuma wannan maganar tasu na ji ta ya fi a ƙirga. Rabinta gaskiya ce, rabin kuwa shi ke jefa mutane a rami.

Ƙa'idar da ƙasashe suka daidaita a kai ita ce, ribar kamfani ta ƙasar da yake zaune ce, sai fa in ya kafa ƙafa a wata ƙasar yana gudanar da kasuwanci daga nan. Wannan kafa ƙafar ita ce kafaffen wurin kasuwanci, wanda za ka ga an taƙaita da PE a takardu. A samfurin yarjejeniyar haraji na OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki, da na Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 5 ne ke faɗin mene ne shi, sashe na 7 kuma ya ce in babu shi ƙasar baƙunci ba za ta taɓa ribar ba, in akwai shi sai ta ɗauki haraji a kan ribar da ta dangance shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya loda kaya a jirgin ruwa ya aiko maka, da ƙasarku ya yi ciniki. Wanda ya zo ya zauna, yana bin titinku, yana ɗaukar leburorinku, a cikin ƙasarku yake ciniki.

Inda abokan cinikinku suka kauce shi ne, ba takardar rajista ake dubawa ba, ba kuma allon suna a bakin ƙofa ba. Ana duba ko akwai wurin da ke hannunsu, ko sun daɗe a cikinsa, da kuma irin aikin da suke yi a ciki. Ɗaki guda da kuka ware musu a masana'anta, mabuɗi a aljihunsu, zai iya wadatarwa ko da ba su biya ko kwabo na haya ba. A 2017 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa filin tseren mota na Buddh kafaffen wuri ne ga kamfanin Formula One na Birtaniya, alhali tseren na kwana uku ne a shekara, saboda a kwanakin nan filin a ƙarƙashin ikonsa yake kuma daga nan kuɗin ke fitowa. Sito da ake ajiye kaya kawai, ko ofishin da aikinsa tattara bayanai, yawanci ba ya shiga lissafi, don aikin share fage ne. Wakili kuwa yana shiga, in ya saba ƙulla kwangila da sunansu kuma da su ya dogara.

Naku lamarin aikin harhaɗa inji ne, kuma shi yana da nasa ma'aunin. Samfurin OECD ya ce wurin gini ko harhaɗawa sai ya wuce wata 12. Na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wata 6, don ya fi karkata ga ƙasashen da ake zuwa yi wa aiki. Amma samfuri ba doka ba ne, abin da ke aiki shi ne yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu. Ta Najeriya da Birtaniya, wadda aka sa wa hannu a 1987, ta rage shi zuwa wata 3. Tana da wani ƙarin tarko da mutane ba sa lura da shi: in kuɗin harhaɗawa ko na sa ido a kan aikin ya haura kashi 10 cikin ɗari na farashin injin a tashar da aka loda shi, an samu kafaffen wuri, ba sai an ƙirga watanni ba.

Bari in ba ka wani da na riƙe da hannuna, ba zan ambaci kamfanin ba. Injiniyoyi huɗu suka zo da shirin mako goma. Kwantena guda ta maƙale a tasha, simintin daɓen da za a ɗora injin bai gama bushewa ba, mako goma ya zama sha shida. Manajansu ya ce ai mako biyar a otal suka yi suna jira, kada a ƙirga. An ƙirga. Agogon yana farawa ne ranar da aka fara aiki a wurin, kuma tsayawa na ɗan lokaci, ko na ruwan sama ko na rashin kaya, ba ya tsayar da shi. Har yanzu ina tuna jami'in harajin da ya jawo littafin maigadi na bakin get, wanda baƙi ke sa hannu, yana bin sa shafi shafi da biro, yana haɗa shi da hatimin fasfo da rasit ɗin otal. Ba a yi doguwar gardama ba. Ni ma da laifina, don na karanta kwangilar ban nemi jadawalin aikin ba sai da aka makara.

Ga yadda kuɗin ke kasancewa, da alƙaluman misali. A ce inji naira miliyan 800, harhaɗawa miliyan 120. Wannan kashi 15 ne, ya riga ya haura goman tun kafin su sauka a filin jirgi. In sun ajiye littattafai tsaf, suka nuna sun kashe miliyan 90 a albashi da masauki da hayar kiren, ribar wurin miliyan 30 ce, haraji a kashi 30 ya kama miliyan 9. In ba su da littafi, ba su shigar da bayanan haraji ba, hukuma na da ikon ƙiyasta riba, kuma abin da muka saba gani a ƙarƙashin tsohuwar doka, kafin 2026, shi ne a ɗauki kashi 20 na kuɗin ciniki a matsayin riba. To wane ciniki? Dokar cikin gida ta daɗe tana cewa in kwangila guda ce ta haɗa kawo kaya da kafawa, ribar kwangilar ake dubawa. Sai a fara da miliyan 920, kashi 20 ya ba da miliyan 184, haraji ya kama miliyan 55.2. Kamfanin Birtaniya zai iya kare kansa da yarjejeniya, ya ce ribar da ta dangance wurin kaɗai za a taɓa, ƙera injin kuwa a can aka yi. Amma sai da hujja a rubuce. Da na Amurka ne ma babu wannan garkuwar, don babu yarjejeniyar haraji irin wannan tsakaninta da Najeriya.

Wasu za su ce maka a raba kwangilar gida biyu shi ke nan. Rabawa tana da amfani in ta gaskiya ce, kowane ɓangare da farashinsa na haƙiƙa. In aka kumbura kuɗin inji aka matse na harhaɗawa don ya tsaya a kashi 9, jami'i zai kwatanta da albashin injiniya huɗu na wata uku ya ga lissafin bai tashi ba.

Kada ka ce wannan matsalarsu ce. Baƙo zai hau jirgi ya tafi, ku ne kuke nan. Wajibin cire haraji daga kuɗin aiki kafin a biya a wuyanku yake, in ba ku cire ba ku za a bi da asalin kuɗin da tara. Ka duba kuma ko kwangilar ta ce duk harajin Najeriya a kan mai saye yake, don sukan cusa wannan layin a shafukan baya. Sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, lambobin sassa sun sauya, don haka a ba lauyanku sabon rubutun ya yi aiki da shi. Kafin a sa hannu ka nemi farashin inji da na harhaɗawa daban daban, da jadawalin aiki mai kwanan wata, da takardar shaidar cewa kamfanin mazaunin Birtaniya ne a fannin haraji, don sai da ita zai ci moriyar yarjejeniyar.