Ciwon gefen gwiwa a wajen gudu: takalmi zan saya ko maɗauri?

Tambaya: "Da ina gudun kilomita 5 sau uku a mako. Saboda shirin gasa na mayar da shi kilomita 10 a cikin wata guda. Yanzu da na kai kilomita 4 sai gefen gwiwata ta dama, ta waje, ya ɗauki zafi, musamman a gangara. In na tsaya sai ya lafa. Sabon takalmi zan saya, ko maɗaurin gwiwa?" Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Alamun nan sun fi kama da ciwon wata doguwar jijiya mai kauri da likitoci ke kira iliyotibiyal. Daga ƙugu ta taso, ta bi gefen cinya ta waje, ta maƙale a saman ƙwauri. A duk taku, lokacin da gwiwa ta ɗan lanƙwashe da kimanin digiri 30, jijiyar tana danne naman da ke tsakaninta da ƙashin cinya. In nisan gudu ya ƙaru farat ɗaya, sai wurin ya fusata. Gangara ta fi tsokano shi, ita kuwa Jos ba ta rasa ta ba.

Ka gwada da yatsa. Ka nemo tudun ƙashin da ke gefen gwiwa, kamar faɗin yatsu biyu sama da mahaɗar, ka danna, sannan ka riƙa miƙe ƙafar kana lanƙwashewa. In nan ne zafin yake, zancen ya ƙara ƙarfi. Amma in a cikin mahaɗar kake jin sa, ko gwiwar ta kumbura, ko tana cijewa ta ƙi miƙewa, ko kuwa murguɗewa ka yi a wajen ƙwallo ciwon ya samo asali, to ana iya zargin guringuntsi ko jijiyar da ke riƙe gaɓar. Wannan kam sai likitan ƙashi.

Maganin yana cikin tsarin gudunka. Tunda a kilomita 4 yake tasowa, ka koma kilomita 2 zuwa 3, a fili mai lebur, rana ɗaya gudu rana ɗaya hutu. Da ka ji ya fara motsi ka tsaya, kada ka ce za ka daure ka ƙarasa. Wannan ciwo ba ya jin jarumta, ƙaruwa yake yi har saukowa daga bene ta gagara. In ko gajeren gudun ma yana tayar da shi, ka ajiye gudu na mako ɗaya ko biyu, ka yi tafiya da sauri. Idan mako ya wuce lafiya, ka ƙara rabin kilomita. Gangara ce ƙarshen abin da za ka dawo da shi.

Ka kuma dubi hanyar da kake bi. Gefen kwalta a karkace yake don ruwa ya gangare, saboda haka mai bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya ce ke shan wahala. Filin makaranta ya fi, kana sauya hannun da kake zagayawa. Ka gajarta taku, ka ɗan ƙara yawansa, kuma kada ƙafafunka su riƙa sauka a kan layi ɗaya.

Sau uku a mako ka ƙarfafa tsokar ɗuwawu. Ka kwanta ta gefe a kan tabarma, ƙafar sama a miƙe ta ɗan koma baya, ka ɗaga ta a hankali sau 15, ka huta, ka yi haka zagaye uku. In a gefen ɗuwawu kake jin gajiyar, daidai kake yi. In a gaban cinya ne, ƙafar ta zamo gaba.

Batun saye kuma. Maɗauri ba zai rage nauyin da ka ɗora wa jijiyar ba, ni dai ba zan ba ka shawararsa ba. Takalmin gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Ka ajiye naka a kan tebur ka leƙo shi ta baya: in dunduniyar ta cinye har ya jirkice gefe, ka sauya shi da irin wanda ƙafarka ta saba da shi. Na gwanjo kuwa ba ka san nisan da mai shi na farko ya ci ba. In takalmin na tsaye daram, robar atisaye mai arha, wadda za ka zarga a ƙafafu wajen atisayen ɗuwawun nan, ta ishe ka. Kada kuma ka haɗiyi maganin kashe zafi don ka samu ka yi gudu, ɓoye maka alamar tsayawa kawai zai yi.

Galibi yakan lafa cikin mako huɗu zuwa takwas. In ka kai shida babu sauƙi, kuɗin takalmin ka kai shi wajen likitan gashin ƙashi ya duba ƙarfin ƙugunka da yadda kake taku.