Dafa-dukan walima da ta daɗe a kula

Tambaya: "Muna da walimar suna a Agege ranar Asabar. Za a sauke dafa-duka da ƙarfe 11 na safe, amma baƙi ba za su taru ba sai bayan La'asar. In mun bar ta a kula, za ta kai lafiya?"

Hajiya, ba agogo kaɗai za ki duba ba, har da zafin abincin. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Salsiyos, kuma zafin Legas, wanda yakan kai digiri 30, yana cikin wannan tazarar. Da zarar shinkafa ta sauka ƙasa da 60, awa 2 kawai gare ki, ko a cinye ko a sa a firji. In ta kai awa 4 a haka, a zubar.

Kula ba ta ƙara zafi, riƙewa kawai take yi. Ki ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, ki zuba shinkafar tana tururi, ki cika ta fal. Wadda aka cika rabi, ana ta buɗewa, nan da nan take hucewa. Ki riƙa soka ma'aunin zafin abinci a tsakiya da gefe, domin ɗumin da hannu ke ji ba hujja ba ne.

Abin da ya fi damuna da shinkafa shi ne akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa. In abincin ya yi ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ba lallai ki ji tsami ko wari ba, sai dai amai ya kama mutane cikin awa 1 zuwa 5.

Daga 11 zuwa La'asar kusan awa 5 ne. Gara a raba girkin biyu, a sauke tukunyar baƙi wajen ƙarfe 3.